Idan fitilun dashbod suka kama rawa: yadda ake rarrabe laifin batir da na kan batir

Mota ta zamani tana da wani hali mai ɗaga hankalin mai ita. Kana tafe lafiya lau, ko kana tsaye a danja, sai alamar burkin ABS ta kawo, ta sitiyari ta biyo ta, ta jakar iska ta ƙifta, allurar gudu ta faɗi ƙasa ta sake tashi, rediyo ya ɗauke ya dawo. Kafin ka sami wurin tsayawa duk sun mutu, kamar ba a yi ba. Gobe kuma wasu daban ne za su kawo. Wanda bai san abin ba zai ɗauka motar ce ta tashi lalacewa gaba ɗaya, kuma a gareji da yawa kalmar farko da zai ji ita ce: "Alhaji, birenbos ne."

Birenbos shi ne kwamfutar da ke sarrafa injin, kuma galibi laifin ba nasa ba ne. Burki da sitiyari da jakar iska da rediyo ba su haɗa komai ba ta fuskar aiki, kuma da wuya su lalace a daƙiƙa ɗaya. Abin da suka haɗa shi ne wutar da suke sha. Duk wanda ya zauna a unguwar da ake kawo wuta marar ƙarfi ya san yanayin: fanka tana jan jiki, talabijin tana ɗaukewa, firij yana gurnani, amma ba wanda zai ce kayan gidan ne suka lalace tare. Haka abin yake a mota, sai dai ita tana da fitilun da take kai ƙara da su.

Dalilin da ƙarancin wuta ke kunna fitilu

Motocin da suka cika titunanmu yanzu, irin su Corolla da Camry da Accord na bayan shekarar 2005, ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare su ba. Injin yana da tasa, burkin ABS yana da tasa, jakar iska da sitiyarin lantarki da shi kansa allon dashbod kowanne yana da ƙaramar kwamfutarsa. An ƙera su su yi aiki da wutar da ke tsakanin bolt 12 da 14 da ɗoriya. Idan wutar ta faɗi zuwa wajen bolt 10 ko 9, gwargwadon irin motar, kowace tana yin ɗayan abu biyu. Ko dai ta lura cewa ba za ta iya aikinta da wannan wutar ba, ta janye kanta ta kunna fitilarta, ko kuma ta mutu na ɗan lokaci ta sake tashi daga farko.

Na biyun nan shi ke kawo ƙiftawa. Ka san duk lokacin da ka murɗa makulli kafin ka tayar da injin, fitilun dashbod suna kawowa gaba ɗaya, wasu su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi, sauran su mutu da injin ya tashi. Wannan gwaji ne da motar take yi wa kanta, ba matsala ba ce. To idan wuta ta yanke na ƙasa da daƙiƙa ɗaya kana cikin tafiya, allon dashbod yana ɗauka yanzu aka kunna shi, sai ya maimaita wannan gwajin. Abin da kake gani a matsayin hauka, a wurinsa farkon aiki ne.

Akwai kuma wata hanya ta uku. Waɗannan kwamfutoci suna aika wa juna saƙo ba ƙaƙƙautawa ta wasu siraran wayoyi biyu da aka murɗe tare. Idan ta ABS ta yi shiru saboda wuta ta gaza mata, ta sitiyari da ke jiran labarin gudun mota daga wurinta za ta rasa shi, ita ma ta kunna fitila. Shi ya sa abu ɗaya kan jawo fitilu huɗu ko biyar. Shi ya sa kuma idan aka jona na'urar bincike ake ganin lambobi sun yi layi: P0562 mai nufin wutar mota ta yi ƙasa, C1241 da ABS na Toyota ke bayarwa idan wutar da ke zuwa masa ta kauce wa ƙa'ida, da tarin lambobi masu farawa da U, kamar U0100 da U0121, waɗanda ke cewa sashe kaza ya daina jin sashe kaza. Mai na'urar da bai ƙware ba zai karanta maka su ɗaya bayan ɗaya ya rubuta kayan da za a saya. Wanda ya san aiki, da ya ga lambobin U sun taru tare da lambar ƙarancin wuta, bonet zai buɗe ya nufi batir.

Batir ɗin ne, ko hanyar da wutarsa ke bi?

Nan ne ake asarar kuɗi. Batir mai rauni da kan batir mai datti alamominsu kusan iri ɗaya ne, amma ɗaya sai an sayi sabo, ɗayan kuwa sifana mai lamba 10 da ɗan buroshi sun ishe shi.

Batir ɗin mota yana da ɗakuna 6, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1. Idan ya cika, ya kuma huta, mitar auna wuta za ta nuna 12.6. Idan ta nuna 12.4 ya ragu da kusan kwata, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa saura kaɗan ya ƙare. Tazarar tana da ƙanƙanta, shi ya sa jin an ce "ai akwai sha biyu a ciki" ba ya gamsar da wanda ya san abin. Kuma ko 12.6 ɗin ba shaidar lafiya ba ce. Tsohon batir yana iya nuna cikakkiyar lamba alhali ba abin da ke jan sa, da an ɗora masa nauyi ya durƙushe. Nauyin da ya fi kowanne shi ne kik, wanda a ƙaramar mota mai fetur yake jan amfiya 100 zuwa 200 a lokacin tayarwa. Batir mai lafiya bai kamata ya faɗi ƙasa da bolt 9.6 ba a wannan lokacin.

Zafi ne yake cin batir a ƙasarmu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40, ƙarƙashin bonet ya fi haka nesa ba kusa ba. Ruwan batir yana ƙafewa, faranten dalmar da ke ciki suna saurin ruɓewa. Amma sau da yawa ba a ganin ɓarnar sai sanyin hunturu ya shigo, domin da asuba man injin ya yi kauri, batir kuma ƙarfinsa ya ragu. Sai a ce sanyi ne ya kashe shi, alhali bazara ce ta riga ta gama da shi.

Kan batir kuwa labarinsa daban ne. Wannan farin gari ko kore-shuɗi da ke taruwa a kansa gishiri ne da asid ya haifar bayan ya ci dalma da tagulla. Wanda kake gani a sama ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne siririn da ya shiga tsakanin sandar batir da maɗaurin da ke riƙe ta, inda ido ba ya kaiwa. Ba ya hana wuta wucewa gaba ɗaya, yana dai rage mata hanya, kuma asarar da yake jawowa tana ƙaruwa ne daidai da yawan wutar da ake ja. Lissafin shi ne V = I × R, wato bolt ɗin da aka yi asara daidai yake da amfiyar da ake ja sau turjiyar wurin. A ce dattin ya kawo turjiya ta om 0.01 kacal. Rediyo mai jan amfiya 5 zai yi asarar bolt 0.05, ba wanda zai lura. Kik mai jan amfiya 150 kuwa zai zubar da bolt 1.5 a wannan wuri ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa hon yake bugawa, fitilar ciki take kawowa, mai mota ya rantse batir ɗinsa lafiya yake, kuma gaskiyarsa, amma da ya murɗa makulli dashbod ya rikice.

Idan kuma maɗaurin ya yi sako-sako, turjiyar ba ta tsayawa a lamba ɗaya. Girgizar injin da ramukan titi suna sa ya taɓa ya saki. Wannan shi ne asalin fitilun da ke kawowa ba tsari, musamman a hanyar da ba ta da kwalta ko a kan tudun rage gudu.

Wani zai ce, ai idan injin yana aiki altaneto ne ke ba da wuta, to mene ne ruwan batir? Ruwansa babba ne. Altaneto ba ya amsa buƙatar gaggawa nan take, kuma a silo abin da yake bayarwa bai kai ƙarfinsa na gaskiya ba. Idan fankar lagireto ta tashi, ko esi ya kama, ko ka murɗa sitiyarin lantarki har ƙarshe kana fakin, wanda shi kaɗai kan ja amfiya gommai na ɗan lokaci, batir ne yake cike giɓin. Shi ne kuma yake shanye hawa da saukar wutar altaneto. Idan maɗauri ya raba shi da motar ko da na ƙiftawar ido ne, ba mai yin wannan aikin.

Misali ɗaya daga farko har ƙarshe

Mu ɗauki Corolla ƙirar 2010, mai sitiyarin lantarki. Ƙorafin mai ita shi ne, da dare idan ya kunna fitilun gaba da esi, ya zo shiga gida yana murɗa sitiyari a hankali, ABS da VSC mai hana mota zamewa da alamar sitiyari suna kawowa, sitiyarin ya yi nauyi na ɗan lokaci. Wani lokacin da safe yakan tarar agogon mota ya koma baya. Ga yadda mai rewaya da ya san hannunsa zai bi ta.

Ba zai fara cire batir ba. A motoci da yawa cire shi yana goge lambobin da injin ya adana, wato yana goge shaida. Zai fara jona na'ura ya rubuta abin da ya gani. A ce ya sami C1241 da lambobin U guda biyu. Batun agogo ma shaida ne, domin agogo ba ya komawa baya sai wuta ta yanke masa ƙaf ko ta faɗi ƙwarai, kuma ABS da ya lalace ba zai taɓa agogo ba.

Sai ya ɗauko mita ya saita ta a DCV 20. Motar ta kwana ba a tayar ba, saboda haka lambar da zai gani ta gaskiya ce. Da yanzu aka kashe ta, sai ya kunna fitilun gaba na minti ɗaya ya kashe, ya ɗan jira, domin batir da ya fito daga caji yana nuna lamba fiye da abin da ke cikinsa. Ya ɗora tsinken mita a kan sandunan dalma na batir ɗin kansu, ba a kan maɗauri ba. Ta nuna 12.3. Batir bai cika ba, amma wannan bai isa a yanke masa hukunci ba.

Yanzu ya ce wa yaronsa ya tayar da motar yana kallon mita. A kan sanduna lambar ta faɗi zuwa 10.5 ta dawo. Wannan batir ya ci jarrabawa. Aka kashe, ya mayar da tsinkayen kan maɗaurai, aka sake tayarwa. A nan ta faɗi zuwa 8.8. Batir yana ba da 10.5, mota tana karɓar 8.8, wato bolt 1.7 yana ɓacewa a tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba. A wannan matakin maganar sayen batir ta ƙare.

Saura a gano wane kai ne. Ya ɗora tsinke ɗaya a sandar + ɗayan a maɗaurinta, aka tayar. Ya kamata mita ta nuna kusan sifiri, kada ta wuce 0.1 ko 0.2. Ta nuna 1.6. A gefen − kuwa 0.1 ta nuna. Ya kama maɗaurin + da hannu, sai ga shi yana juyawa. Da ya duba da kyau ya ga an cusa ƙusa a tsakani don ya kama.

Wannan ƙusar tana da tarihi a garejinmu. Sandar + ta fi ta − kauri da gangan, wasu baturan motocin Japan kuma siraran sanduna gare su, don haka idan an sa batir da bai dace da maɗauri ba, ko maɗaurin ya buɗe saboda tsufa, sai a cusa ƙusa ko guntun waya, a bi da dutse a ƙwanƙwasa. Motar takan tashi, shi ya sa dabarar ta ƙi mutuwa. Amma wutar da ya kamata ta bi ta dukan zagayen sanda yanzu ta bakin ƙusa take bi. Dukan kuma yana tsaga hatimin da ke gindin sandar, asid ya riƙa tsattsafowa, garin da aka goge ya dawo cikin makonni. Wanda yake goge kan batir ɗinsa kowane wata ya duba gindin sandar, zai iya samun danshi a wurin.

Gyaran ba wuya, sai dai yana da tsari. A kashe mota a zare makulli. A fara cire −, sannan +, domin idan ka fara da + sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsin da zai tashi yana iya narka ƙarfe, kuma batir yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta. Ban da sigari a wurin, a kuma kare ido. A jiƙa cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa a wanke kawunan da shi. Tatacciyar jiƙaƙƙiyar kanwa ma tana kashe asid idan ita ce a kusa. Zai yi kumfa. Kada ko ɗigo ya shiga cikin ɗakunan batir, don zai kashe asid ɗin da ake buƙata. Lemon kwalba da wasu ke zubawa yana wanke garin sama ne ya bar sukari mai kama ƙura. Bayan wanki a goge sanda da cikin maɗauri da buroshin waya ko samfefa har ƙarfe ya yi haske, a busar. A wannan Corolla maɗaurin ya riga ya buɗe, sai sabo. A ɗan fere rigar wayar a duba, idan koren ya bi cikin gashin tagulla ya yi nisa, a yanke har inda take da tsabta ko a canja ta. Sannan a mayar da + a bi da −, a ɗaure har hannu ya kasa juya su. Giris ko man basilin daga ƙarshe ake shafawa a sama, bayan an ɗaure. A kuma tabbatar ƙarfen da ke danne batir yana nan, don batir da ke tsalle a mazauninsa shi ke kwance maɗauri.

Aka sake aunawa: 10.5 a sanda, 10.4 a maɗauri. Shi kuma 12.3 ɗin nan na farko, maɗaurin da ya hana wuta fita shi ne ya hana caji shiga yadda ya kamata. Mai cajin batir ya cika shi a hankali, ya koma 12.6.

Da a ce a gwajin farko lambar ta faɗi zuwa 8 a kan sandunan kansu, to batir ne ake tuhuma. Ko a nan ma a fara cika shi a sake gwadawa, don batir da ya zube ba lalle ya mutu ba. Idan mai murfi ne kuma ruwansa ya yi ƙasa, tataccen ruwa ake ƙara masa, ba asid ba. Idan bayan ya cika ya sake durƙushewa, ko ya tsaya a wajen 10.5 ya ƙi hawa, alamar ɗaki ɗaya ya mutu, sai sabo.

Wurare biyu da suka rage

Idan batir da kawunansa sun fita, sai a duba wayar at, wato wayar da ta tashi daga − ta kama jikin mota da injin. Duk wutar da ta fita ta nan take komawa. Motar da aka sauke wa injin, ko aka yi wa gyaran jiki da fenti, sau da yawa ana mayar da wannan wayar a kan fenti ko tsatsa, ko a mance da ita. Tsinke ɗaya a sandar −, ɗaya a ƙarfen injin, a tayar. Abin da ya wuce kimanin bolt 0.3 yana nufin a kwance a kankare wurin.

Sai altaneto. Injin yana aiki, fitilun gaba a kunne, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7 a kan batir. Kunna fitilun yana da dalili: wasu motoci, musamman Honda, suna rage caji da gangan idan ba a jan wuta, sai a zaci altaneto ya mutu. Idan lambar ta wuce 15, altaneto yana dafa batir, kuma shi ma yana kunna fitilu, yana kuma sa asid ya fito ya ci kawuna. Idan kuwa allon dashbod da fitilun gaba suna rawa a kai a kai, rawar tana bin ƙarar injin, a juya mita zuwa ACV a auna a kan batir. Abin da ya kai rabin bolt yana nuna wani dayod a cikin altaneto ya ƙone.

Akwai gwajin da ya kamata mai mota ya hana a yi masa ko da za a ce ya cika tsirfa: zare kan batir injin yana aiki don a ga ko zai mutu. A tsohuwar Fijo 504 mai kafireto ana tsira da shi. A motar da ke cike da kwamfutoci, zare batir yana iya sa wutar altaneto ta yi tsalle nesa da abin da aka ƙera su su jure. A nan ne birenbos ɗin da tun farko ba abin da ya same shi yake ƙonewa da gaske.

Fitilun da ba a yi musu uzuri

Duk wannan bayanin ya shafi fitilu da yawa da ke kawowa tare su mutu tare. Fitila ɗaya da ta tsaya ita kaɗai maganarta daban ce. Jar alamar mai, mai kama da buta, idan tana ƙiftawa a silo bayan injin ya yi zafi, kada a ce batir ne. A yawancin motoci wani ɗan makunni ne da matsin mai ke turawa yake kunna ta, kuma ƙiftawarta tana iya nufin man ya yi ƙasa ko famfonsa ya gaji. A kashe injin a ja sandar awo. Haka alamar zafi, haka jar alamar burki idan an sauke burkin hannu ba ta mutu ba.

Alamar da ke da hoton batir kuwa tana yaudarar mutane. Ba lafiyar batir take faɗa ba, cewa take yi caji ba ya shiga. Idan ta kawo ta zauna kana tafiya, motar tana cin abin da ke cikin batir ne, kuma yayin da yake ƙarewa sauran fitilu za su riƙa kawowa ɗaya bayan ɗaya har injin ya mutu. A kashe esi da rediyo a nemi wurin tsayawa. Idan fambel ne ya tsinke, a motoci da yawa shi ne yake juya famfon ruwa, don haka allurar zafi za ta biyo baya cikin mintuna kaɗan.

Bayan an gama gyara an mayar da batir, silo yana iya yin sama da ƙasa na ɗan lokaci kafin injin ya sake daidaita kansa, rediyon wasu Honda zai nemi lambar sirrinsa, gilashin da ke hawa da taɓawa ɗaya yana iya buƙatar a sake saita shi. A goge tsofaffin lambobi da na'ura, a yi kwanaki ana hawa, a sake jonawa. Fitilar jakar iska a wasu motoci ba ta mutuwa da kanta sai an goge lambarta. Lambar da ta dawo bayan wuta ta daidaita, misali ta na'urar auna gudun taya ɗaya, ita ce matsalar da ke akwai tun farko a ƙarƙashin tarin sauran, kuma ita za a bi a gyara.